Rabin Shafin Umma

Baba bai taɓa yarda cewa idonsa ne ya gaji ba. A wurinsa masu buga takardun zamani ne suka koma rowar tawada, suna yin haruffa ƙanana kamar ƙwan kwarkwata. Amma likita ya riga ya gaya mana gaskiya: idon dama ya tafi, na hagu saura kaɗan, ba ya kama komai sai babban rubutu a hasken rana. Dole ya bar rumfarsa ta yadi a kasuwar Nyanya ya dawo zaman gida a Jikwoyi. Daga ni sai shi a gidan, don aurena ya mutu na dawo, Umma kuma shekararta biyu da rasuwa. Ni ce 'yarsa ta fari, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini, ko faɗa zai yi.

A lokacin ina aiki a wani shagon buga takardu a Karu. Takardar neman aiki, yarjejeniyar haya, aikin ɗalibai, katin biki, duk abin da aka kawo bugawa nake yi. Ina da saurin hannu, kuma ina ji da kaina a kan haka, fiye da yadda ya kamata.

Wata ranar Laraba da damina wata mata ta kira ni daga Zariya. Ta ce ita 'yar malamar da ta koyar da matan unguwarmu karatun manya ce, tun ina goye. Malamar ta rasu, suna kwashe littattafanta sai suka ga wani ɗan littafi da aka buga, wanda aka tara rubutun matan da suka gama ajin. Ta ce akwai sunan Umma a ciki. An buga shi ne bayan mun taso Abuja, don haka Umma ba ta taɓa ganinsa ba har ta koma ga Allah. Na roƙe ta ta aiko mana da shi a mota. Ta ce in yi haƙuri, ƙwaya ɗaya ne, kuma gidaje da yawa suna da uwa a ciki. Amma za ta ɗauki hoton shafin ta turo mini ta waya.

Da na gaya wa Baba sai ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar. Na ce idan hoton ya zo zan karanta masa.

"A'a, Uwata. Ba a karanta wa mutum matarsa. Ki yi mini shi da manyan baƙaƙe in karanta da idona. Kuma kada ki riga ni."

Na yi dariya na ce to yaya zan buga abin da ban karanta ba? Ya ce wannan kuma ni da kwamfutata, ba kullum nake cika masa baki cewa tana yin komai ba? Ya sa na yi alkawari. A gaskiya alkawarin ya yi mini daɗi, don ni ma tsoro nake ji. Shekara biyu ban iya buɗe akwatin kayan Umma ba, balle in zauna a shago a gaban mutane maganarta tana bi ta yatsuna kalma bayan kalma.

Hoton ya iso washegari. Shafi ɗaya ne, rubutun an jera shi gida biyu, hagu da dama, da ɗan siririn farin fili a tsakani. Mu masu buga takardu kolom muke ce wa kowane gida. Matar ta ɗauka ne a ɗaki, littafin a kan cinyarta, ya karkace, gefen ɗinkin ya lanƙwasa, ga hasken ƙwan lantarki ya kwanta a tsakiyar shafin. Ƙara girman hoton ba zai yi wa Baba amfani ba, don da an ja shi haruffan sai su narke. Sai dai a ciro rubutun daga cikin hoton ya zama rubutun kwamfuta, sannan in ba shi girman da nake so. Akwai manhajar da muke yin haka da ita a shago. Tana duba hoto, ta gane haruffa, ta zubo su.

Na sa mata hoton yadda yake. Da ta gama sai na leƙa layukan farko kawai, don na ga sunan Umma can wajen tsakiyar shafi yake, na san saman na wata ce. Shirme ne ya fito. Manhajar ta ɗauki layin farko na hagu, ta tsallaka ta haɗa shi da layin farko na dama, ta sauko na biyu ta yi haka, har ƙasa. Kamar mata biyu suna ba da labari a lokaci guda, kowace ta faɗi rabin magana ɗaya ta katse ta. Ogata, mutuniyar kudu ce da ta daɗe a Abuja, ta leƙo ta bayana ta ce, "Wannan ya karanta across ne. Yanka shi biyu, ka ba shi ɗaya ɗaya." Haka take Hausarta, kowa namiji ne a bakinta.

Na san dalilin ko ba ta faɗa ba. Manhajar ba fahimtar labari take yi ba. Kafin ta jera rubutu sai ta nemi farar hanyar da ta raba kolom biyu, miƙaƙƙiya daga sama har ƙasa. Idan hoto ya karkace kuma filin siriri ne, hanyar ba ta fita sarai, sai ta ɗauka layi ɗaya ne dogo daga wannan gefe zuwa wancan. Maganinsa sananne ne. Na miƙar da hoton, na rage shi ya zama ƙarami yadda ba zan iya karanta komai ba, na kanne ido, na tsaga shi biyu daga sama har ƙasa. Na ba ta hagu, na ba ta dama. A rubutun hagu na nemo sunan Umma na goge duk abin da ke samansa. Na kawo rubutun dama gaba ɗaya na liƙa a ƙasa. Ai haka ake karanta kolom biyu, ka gama hagu ka hau saman dama. Na yi hakan ya fi sau ɗari.

Na ƙara girman haruffan har kalma huɗu ko biyar ke cika layi. Abin da bai kai shafi ɗaya ba ya zama takarda shida. Ƙugiyoyin haruffanmu duk sun zube, don manhajar ba ta san su ba, amma na ce Baba zai gane, haka kowa yake rubutu a waya. Na kwashe takardun daga firinta a kife, na sa a ambulan, ina jin daɗin kaina. Na cika alkawari, ban karanta ko kalma ɗaya ba.

Da na kai masa bai buɗe a gabana ba. Ya sa a ƙarƙashin buzun sallarsa ya ce sai da safe idan rana ta fito. Da zan tafi aiki washegari na bar shi a kan tabarma a bakin ƙofa, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya shafa turare. Na tsokane shi na ce zance za a je ne? Ya ce in wuce in ba mutane wuri.

Da na dawo da la'asar ya canza riga, ambulan ɗin kuma ban gan shi ba. Na tambaye shi yaya, ya ce alhamdu lillahi. Na jira ya ƙara wani abu, bai ƙara ba. Na ɗauka kewa ce ta taso masa, na ƙyale shi. Amma abin bai tsaya nan ba. Baba mutum ne mai surutu, wanda zai yi musu da rediyo, ya gyara wa mai karanta labarai magana. Sai ga shi kwana uku rediyon a kashe. Tuwo ya ci loma biyu ya ture. Ya daina zuwa benci wurin mai shagon kusa da mu, inda suke taruwa da tsofaffin 'yan kasuwa. Maƙwabciyarmu ta gaya mini ta gan shi ya tare liman bayan azahar sun daɗe a tsaye. Da na matsa wa limamin da tambaya a kan hanya, ya ce shi dai Baba ya tambaye shi yadda mutum zai nemi yafiyar wanda ya riga ya mutu.

A rana ta huɗu, Talata ce, ina shara kafin in fita, ya kira ni. Ya tambaye ni ko Umma ta taɓa gaya mini wani abu game da shi, wani abin da ya yi mata tun muna Zariya. Na ce ban da ƙorafin munsharinsa ban san komai ba. Bai yi dariya ba. Ya ɗaga buzu ya miƙo mini ambulan ɗin ya ce na cika alkawari, yanzu in karanta, amma ba a gabansa ba.

A cikin motar Karu na karanta, an matse ni tsakanin wata mai buhun garin rogo da taga. Farkon Umma ce sak, har muryarta nake ji. Ta ce ba ta yi boko tana yarinya ba, allo ta yi. Sai da ta haifi 'ya ɗaya ta shiga aji. Yatsunta sun saba da muciya, fensir yana zame mata, malama ta riƙe hannunta har ta iya. Maigidanta ya bar ta tana zuwa amma bai taɓa tambayar me ake koya musu ba. Daga nan, a takarda ta uku, sai na ga wannan:

"Ranar da maigidana ya ga littafin rubutuna, ya ɗauke shi ya cusa a murhu ina tsaye ina kallo. Aikin wata huɗu wuta ta cinye. Ban yi kuka a gabansa ba. Na ci gaba da zuwa aji, amma abin yana nan a raina. Mutane suna cewa in yafe. Ban yafe ba."

Takardar ta yi laushi a wurin, alamar an daɗe ana riƙe da ita. Sauran ukun da ke bayanta kuwa sumul suke, ko lanƙwasa babu. A nan Baba ya tsaya.

Ba zan ɓoye ba, na yarda. Daga nan har muka kai mahaɗar Karu haushin Baba nake ji, irin haushin da ban taɓa ji ba. Na tuna yadda Umma take lulluɓe littattafanmu na makaranta da takardar siminti, take hana mu ajiye su kusa da wuta, na ce ashe dalilin ke nan. Na yi kuka a motar, mai garin rogo tana ba ni haƙuri ba ta san ko na mene ne ba.

Sai da na zauna a shago na buɗe takarda ta huɗu. A samanta akwai wasu kalmomi uku su kaɗai, ba gaba ba baya: "karatu da girmana". Bayansu magana ta ci gaba da "ya zauna a bakin gado", babu wanda aka ce ya zauna. Na tsaya. Shekarun da na yi ina buga takardu sun koya mini cewa guntun magana ba ya faɗowa daga sama, daga wani wuri aka yanko shi. Na buɗe hoton na asali, wannan karon da girmansa, na buɗe idona duka biyu.

A tsakiyar shafin, daidai inda hasken ƙwan ya kwanta, akwai kan magana da ya ratsa daga hagu har dama: "Yadda na koyi karatu da girmana". Harafinsa bai fi na sauran girma sosai ba. Sunan Umma yana ƙarƙashinsa ta hagu. Na tsaga kan maganar biyu da hannuna ban lura ba, rabi ya tafi cikin abin da na goge, rabi ya faɗa tsakiyar labari. Shi ma yana cikin abin da ya rikita manhajar tun farko, don ya datse farar hanyar a tsakiya. Shafin ba gida biyu ba ne, gida huɗu ne. Na sama biyu, hagu da dama, ƙarshen rubutun wata mata ne da ya taso daga shafin baya. Kan maganar ya rufe nata. Na ƙasa biyu su ne na Umma. Ni kuwa na gama ƙasan hagu na hau saman dama, na ɗauko ƙarshen labarin wata baiwar Allah na dasa a tsakiyar na uwata. Da yake duk a kan aji da miji suke magana, sai ya zauna daram, ko tuntuɓe babu.

Shirmen farko bai cuci kowa ba, don kowa ya gani ya san shirme ne. Nawa da ya fito a gyare shi ya hana tsoho cin abinci kwana huɗu. Abu ɗaya ne da ban taɓa tsallakewa a aikin baƙo ba: duk inda na haɗa guntu da guntu sai na karanta ƙarshen wannan da farkon wancan, in kuma koma kan hoton in tabbata. A aikin ubana na tsallake shi. Kunyar da na ji a ranar har yanzu ba ta sake ni ba.

Na kira matar Zariya na roƙe ta ta sake ɗauka. Na ce ta fita tsakar gida inda akwai haske amma ba cikin rana ba, ta shimfiɗa littafin a ƙasa, ta danne gefensa ya kwanta, ta riƙe wayar daidai saman shafin kada ta karkata. Ta turo shi a matsayin fayil don kada waya ta rage masa kyau, ta haɗa da shafin baya. Ta ce ashe aikin da wuya haka, amma ta yi, Allah Ya saka mata da alheri. Hoton ya fito tas. A shafin baya ga sunan ɗaya matar, ga farkon labarinta. A ƙarshen gidan sama na hagu ta rubuta cewa mijinta ya tarar da littafinta a ƙarƙashin tabarma, sai gidan sama na dama ya ɗauka da "ya ɗauke shi ya cusa a murhu". Nan ne gurbinsa.

Na yanka hoton gida huɗu, kan maganar kuma daban. Na ba manhajar ɗaya bayan ɗaya, na bi kowane layi ina gwada shi da hoton, na mayar da ƙugiyoyin da hannu. Na roƙi ogata ta sallame ni da wuri. Ta dubi idona ta ce in tafi.

Na sami Baba a bakin ƙofa, rana ta fara sanyi amma da sauran haske. Na durƙusa na gaya masa komai, cewa kuskurena ne, maganar murhu ba ta Umma ba ce, ta wata ce, ni na haɗa su. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya yi ɗan murmushi, irin wanda yake yi wa mai saye idan ya taya yadi da wasa.

"Allah Ya yi miki albarka, Uwata. Kin ga na damu kin je kin gyara mini. Kwamfutar da ke rubuta duk abin da aka ce mata."

Na rantse masa. Ya ce kada in yi rantsuwa a kan abin da tausayi ya sa ni. Raina ya ɓaci, don ni ba a ƙaryata ni sau biyu in yi shiru, na ce to shi da ya yi shekara talatin yana auna yadi ya ce bai san inda aka yi haɗi ba? Ya ce ya sani, idan ya taɓa da hannunsa. Wannan kuwa takarda ce na miƙo masa, ta jiya ta ce haka, ta yau ta ce haka, wacce zai kama?

Gaskiyarsa ne. Na kwana da abin, da safe na koma shago na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Sabon hoton yana da kyau, ya jure a ja shi. Na buga hoton shafin kansa, ba rubutun kwamfuta ba, kowane gida a kan babbar takarda tasa, kan maganar a kan doguwar takarda da na haɗa da gam, da shafin baya inda sunan matar yake. Na dawo da azahar na share tsakar gida, na shimfiɗa tabarma, na jera su yadda suke a littafin: biyu a sama, dogon kan magana a tsakiya, biyu a ƙasa. Na danne kusurwoyin da duwatsu saboda iska. Na kamo hannunsa na zaunar da shi a gaban shafin, wanda yanzu ya kai girman zanen ɗaurawa.

Ya sunkuya har tabaransa na kusan taɓa takarda. Ya ga tsofaffin haruffan littafin ne, da tabon ruwa a gefe, da ɗan yatsan matar Zariya inda ta danne. Ya fara da sunan ɗaya matar, ya ce ya san mijinta, mahauci ne, Allah Ya jiƙansa. Na ɗora yatsansa a layin ƙarshe na gidan sama na hagu, ya karanta a hankali, yana haɗa baƙi da baƙi. Na ɗaga yatsan na kai shi saman dama. Ya karanta maganar murhu. Ya koma ya sake, daga tabarma zuwa murhu, sau biyu. Sannan ya bi kan maganar da tafin hannunsa daga wannan gefe har wancan, kamar yana shafa bakin yadi.

Daga nan bai bari na riƙe masa hannu ba. Ya sauko gidan ƙasa na hagu da kansa, ya bi shi har layin ƙarshe, inda aka ce ranar da maigidana ya ga littafin rubutuna. Yatsansa ya tsaya a kan waƙafin. Ya tsallaka farin filin zuwa gidan ƙasa na dama, ya karanta a fili:

"ya zauna a bakin gado ya ce in nuna masa yadda ake rubuta sunana. Na rubuta, ya kwaikwaya, ya yi shi a karkace, muka yi ta dariya. Tun daga ranar idan na dawo daga aji sai in koya masa abin da aka koya mana. Ya hana ni gaya wa mutane, ga shi na gaya. Yanzu shi yake karanta takardun kayansa da kansa. Da ajinmu yana karɓar maza da shi zai zo na ɗaya, amma ni ce malamarsa."

Mu da muka tashi Baba yana gaya mana a kasuwa ya tsinci boko, don kansa, saboda kaifin ƙwaƙwalwa. Na buɗe baki zan tsokane shi, sai na ga fuskarsa, na rufe. Na yi zaton zan ga sauƙi a wurin. Abin da na gani ya fi kama da mutumin da aka sauke wa kaya aka ɗora masa wani.

Ya tambaye ni ko na tabbata babu wani abu tsakanin gidan hagu da na dama, wani layi da hoton bai ɗauko ba, ko wanda na yanke. Na nuna masa ƙasan takardar hagu, ga farin gefe, ga lambar shafi. Na ce babu, Baba, daga nan sai nan.

Can sai ya fara magana, idonsa a kan takarda. Ya ce littafin da ya zauna a bakin gado ya gani, na biyu ne, kuma shi ya sayo shi. Akwai na farko. Wata rana abokan kasuwa sun yi ta yi masa tsiya cewa matarsa za ta zama akawu ta riƙa yi masa lissafin numfashi. Ya dawo gida da zafinsa, ya tarar ba a ɗora tukunya ba, Umma tana duƙe a kan littafi, ni ina bayanta ina barci. Ya fizge shi ya yaga gida biyu ya watsar a tsakar gida. Ita kuwa ta tsince takardun ɗaya bayan ɗaya ta ɗora girki. Mako guda bai iya haɗa ido da ita ba. A rana ta bakwai ya sayo sabon littafi da fensir biyu ya ajiye mata a kan gado, ya rasa abin da zai ce, shi ne ya ce ta nuna masa sunanta. Daga ranar har ta rasu babu wanda ya sake tayar da maganar, shi bai ce ta yafe masa ba, ita ba ta ce ta yafe ba.

Ya ce shi ya sa da ya karanta maganar murhu bai yi musu ba. Ya ɗauka shi ne ya rage wa abin nauyi a ransa tsawon shekarun nan, har ya mayar da wuta yaga.

Tausayinsa ya kama ni, da kewar Umma, da wani abu kamar alfahari da ita. An ba ta rabin shafi a duniya ta faɗi abin da ta ga dama, a littafin da ba ta san ko zai taɓa gani ba, a wurin da maƙwabciyarta ta sama ta faɗi nata ba ta rage komai ba.

Baba ya matso da takardun ƙasa biyun kusa da juna, ya bar ɗan siririn fili a tsakaninsu yadda yake a littafin. Ya sa yatsa a kan filin, inda babu komai sai tabarma.

"Mako gudan nan a nan yake, Uwata," in ji shi. "Ta tsallake shi."